Kwaɗon da ke kan shafinka bai isa shaidar tsaro ba

Tambaya: Malam, na sayi sabon domen mai ƙarewa da .com.ng, na kuma ɗora shafin shagona a sabar da na yi haya mai aiki da nginx. Yau kwana uku ke nan shafin ya ƙi buɗewa da sunan, sai da lambar IP kawai. Wani yaro da ke yi wa mutane irin wannan aiki ya ce in mayar da domen ɗin Cloudflare in zaɓi Flexible, kwaɗon tsaro zai bayyana a burauza nan take ba sai na wahala da satifiket ba. Hankalina bai kwanta ba, domin masu saye suna shigar da lambar waya da kalmar sirri a shafin.

Amsa: Malam, rashin kwanciyar hankalinka yana kan hanya, amma bari mu fara da sunan da ya ƙi buɗewa, domin shi ne mai sauƙi. Idan aka kwana uku ana jira, to ba jinkirin yaɗuwa ba ne, kuskure ne a wani wuri, kuma mafi yawan lokaci kuskuren shi ne an rubuta rikod na DNS, wato bayanin da ke haɗa sunan da sabar, a inda ba a tambaya. Kwamfutocin duniya suna tambayar sabobin sunan da aka ayyana wa domen ɗinka ne kawai, saboda haka ka fara gano su:

```
dig +short NS example.com
dig +short A example.com
dig +short AAAA example.com
```

Ka sa sunan domen ɗinka a madadin example.com. Duk kamfanin da amsar farko ta nuna, a shafinsa za ka rubuta rikod ɗinka, ko da a wani wuri ka biya kuɗin domen ɗin. A can ka sa rikod na A mai suna @, wato tushen sunan, wanda ke nuna lambar sabarka, misali 203.0.113.10, sannan CNAME mai suna www wanda ke nuna example.com. Kada ka sa CNAME a kan tushen sunan, domin ƙa'ida ba ta yarda ya zauna tare da wani rikod ba, alhali tushen yana ɗauke da NS da SOA. Ka goge tsohon A da mai sayar da domen ya sa don shafinsa na wucin gadi, ka saukar da TTL, wato tsawon lokacin da ake riƙe amsar kafin a sake tambaya, zuwa daƙiƙa 300 har ka gama gyara. Idan umarni na uku ya fito da adireshin da ba na sabarka ba, ka goge shi ma, domin Let's Encrypt, mai ba da satifiket kyauta, yana fara gwada IPv6 idan ya ga AAAA, kuma zai je ya buga ƙofar da ba taka ba.

Yanzu ga maganar yaron, wadda kusan kullum sai na ci karo da irinta. Idan ka kunna gajimaren nan mai ruwan lemo a Cloudflare, wato maɓallin da ke sa masu shiga shafinka su fara bi ta sabobin kamfanin, hanyar da ke tsakanin mai saye da sabarka ta rabu gida biyu: daga wayarsa zuwa Cloudflare, sannan daga Cloudflare zuwa sabarka. Kwaɗon da burauza ke nunawa yana ba da shaida ne a kan zangon farko kaɗai, domin burauzar ba ta da hanyar ganin na biyu. Abin da Flexible ke yi shi ne ya rufe zangon farko da HTTPS, ya bar na biyu a kan HTTP ta ƙofa ta 80, wato kalmar sirrin mai saye za ta bi ta hanyoyin sadarwa na kamfanoni da dama a fili, duk wanda ke riƙe da wani ɓangare na hanyar zai iya karanta ta ko ya sauya abin da ke dawowa. An kulle ƙofar zaure, an bar katangar baya a rushe, sannan an rataya wa baƙo alamar cewa gidan a tsare yake. Wannan ya fi rashin kwaɗon muni, domin da babu shi burauza za ta gargaɗi mutum, shi kuma ya yi hattara.

Abin da ke ba ni haushi shi ne masu wannan aiki sun san mai shago ba zai gane ba. Suna danna maɓalli ɗaya, su ɗauki hoton kwaɗon su turo maka, su karɓi kuɗin "satifiket", alhali babu satifiket ko ɗaya a sabarka. Wasunsu ma ba da mugunta suke yi ba, haka suka gani aka yi, suka ɗauka shi ke nan. Ranar da asirin ke tonuwa ita ce ranar da wani ya sa nginx ya riƙa tura duk mai zuwa ta HTTP zuwa HTTPS. Cloudflare zai zo ta HTTP, sabar ta ce a koma HTTPS, burauza ta sake tambaya, Cloudflare ya sake zuwa ta HTTP, haka za a yi ta zagaye har shafin ya tsaya da ERR_TOO_MANY_REDIRECTS. Maimakon su gyara tushen, sai su cire turawar, matsalar ta koma ɓoye. Ko zaɓin Full bai kammala aikin ba, domin yana ɓoye bayanan amma ba ya bincika ko satifiket ɗin sabar na gaskiya ne. Wanda ke yin duka biyun shi ne Full (strict).

Wahalar da ake gudu kuwa ba ta kai minti goma ba, kuma kyauta ce. Idan domen ɗin yana Cloudflare, ka bar gajimaren a toka, wato DNS only, ka tabbatar amsar A ta dawo da lambar sabarka, ka buɗe ƙofofin 80 da 443, ka kuma rubuta sunayen biyu a layin server_name na nginx. Sannan, bayan ka girka certbot, manhajar da ke karɓo satifiket daga Let's Encrypt:

```
sudo certbot --nginx -d example.com -d www.example.com
```

Let's Encrypt zai nemi wani ɗan fayil a ƙarƙashin /.well-known/acme-challenge/ ta ƙofa ta 80 don ya tabbatar sunan naka ne, shi ya sa dole DNS ya daidaita tukuna. Idan ya gaza, kada ka yi ta maimaitawa, domin gazawa biyar cikin awa ɗaya a kan suna ɗaya za ta sa a dakatar da kai na ɗan lokaci. Ka karanta adireshin da saƙon kuskuren ya ce ya tuntuɓa, yawanci amsar tana nan.

Bayan haka, in kana son Cloudflare, ka kunna gajimaren ka zaɓi Full (strict). Kafin ka sauya sabobin suna zuwa can, ka kwafi rikod na MX da TXT idan kana da imel a kan domen ɗin, in ba haka ba wasiƙu za su daina zuwa ba tare da ka sani ba. Don ka gane ko zangon na biyu a rufe yake da gaske, ka tsallake Cloudflare ka tambayi sabarka kai tsaye, da lambarta a madadin 203.0.113.10:

```
curl -I --resolve example.com:443:203.0.113.10 https://example.com
```

Idan amsa ta dawo ba tare da ƙorafin satifiket ba, kuma zaɓin Cloudflare yana kan Full (strict), aikin ya yi. Idan ƙofar ta ƙi amsawa alhali burauza tana nuna kwaɗo, to mai yiwuwa Flexible aka yi maka. Kuskure mai lamba 526 daga Cloudflare yana nufin satifiket ɗin sabar bai inganta ba ko wa'adinsa ya ƙare, kuma tun da na Let's Encrypt ba ya wuce kwana 90, ka gwada sabuntawar tun yau da `sudo certbot renew --dry-run`, ka sake gwadawa bayan ka kunna gajimaren.