Kwatanta Wotafol da Ajayil a aikin jinga: ta ina ake farawa?

"Salamu alaikum. An ba mu jinga mu kwatanta tsarin gina manhaja na Wotafol da na Ajayil a kan wani asibiti da ke son manhajar ajiye bayanan marasa lafiya cikin wata 9. Kuɗin a ƙayyade yake, ma'aikatan jinya kuma ba su taɓa aiki da irinta ba. Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, fara da asibitin. Inda ɗalibai suka fi zubar da maki shi ne su cika shafi biyu da ma'anar kowane tsari, sai a layin ƙarshe su tuna da asibitin. Sakin layi ɗaya ya isa gabatarwa: Wotafol mataki ne bayan mataki, ana danganta bayaninsa da takardar Winston Royce ta 1970, shi kuwa Ajayil gini ne kaɗan-kaɗan a zagaye, ƙa'idojinsa sun fito a 2001.

Daga nan ka shimfiɗa wata taran nan a kan kowane tsari. A Wotafol, ka ce wata 2 na tattara buƙatu, 1 na zane, 4 na gini, 1 na gwaji, 1 na horarwa da miƙawa. To, yaushe ma'aikaciyar jinya za ta fara taɓa manhajar? Sai wata na 8. A ce a ranar ta lura fom ɗin ba da magani ba shi da gurbin sa hannun mai karɓar aiki idan an yi canjin ma'aikata. Gyaran zai koma har zanen rumbun bayanai, ga lokaci ya ƙure, ga kuɗi ya ƙare. Dalilin kuwa yana cikin tambayar da aka ba ka: wanda bai taɓa amfani da abu ba, ba zai iya zayyana duk buƙatarsa tun farko ba.

A Ajayil, zagayen mako biyu-biyu zai ba ka kusan 18. Ana iya gama sashen rajista a zagaye na uku, a gwada a ɗaki ɗaya, kuskure irin wancan ya fito da wuri. Amma kada ka yi masa kirari kawai, malamai na lura da haka. Yana buƙatar mutum ɗaya daga asibitin mai ikon yanke shawara, wanda zai halarci kowane zagaye, kuma asibiti ba ya rabuwa da aiki. Sannan tunda kuɗi da lokaci ba sa motsi, yawan aikin ne zai motsa, dole hukumar asibitin ta yarda a ajiye wasu sassan.

Ka auna su duka da ma'auni ɗaya: canjin buƙatu, lokacin gano kuskure, kuɗi, da samuwar masu amfani. A ganina Ajayil ya fi dacewa a nan, da sharaɗin a kammala tsarin tsaron bayanai da na izinin shiga kafin zagayen farko, domin sake su daga baya yana taɓa kowane sashe. Idan tambayar ta ce biyu, kada ka fake da "a haɗa su" ba tare da ka zaɓi ɗaya ba.