Abin da ya sa aka cire kuɗin taki sau biyu a daren Lahadi

Tambaya: Yaya, a taimaka. Firogiram ɗin da na haɗa wa ƙungiyar manoman shinkafa ta wajenmu a Auyo yana cire naira 2,000 na bashin taki duk Lahadi ƙarfe 1:30 na dare, ya tura tes. Ranar 26 ga Oktoba 2025 ya cire sau biyu, 1:30 da 2:30. Tun daga nan kuma 2:30 yake cirewa. Wallahi ban taɓa komai ba.

Amsa (an rubuto ta daga muryar da aka turo):

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Ƙanina, na yarda ba ka taɓa komai ba, ka kwantar da hankalinka. Ina jin ranar da ka faɗa da kuma tazarar awa ɗaya cif, na san inda gizo ke saƙar. Sabar da ka ɗora aikin nan a kanta tana bin agogon Landan ne, ba namu ba.

Bari in fara da abin da ya sa ba ka lura ba tun farko, don nan ne tarkon yake. Akwai agogon da duniya ke auna lokaci da shi, wanda za ka gani a allo an rubuta UTC. Mu a Najeriya muna gabansa da awa ɗaya, rani da damina, ba ma motsawa. Ba mu da dalilin motsawa ma, domin a Kano ko Haɗejiya bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa ɗaya da rabi ba. Su kuwa Ingila, a Yuni yininsu ya haura awa 16, a Disamba kuma da ƙyar ya kai awa 8. Shi ya sa suke tura agogo gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, su dawo da shi baya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. To tsakanin ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, agogon Landan da namu daidai suke, minti da minti. Na tuna da damina ka kafa wannan aiki. Ka duba agogon saba, ka duba na wayarka, ka ga sun yi daidai, ka wuce. Kowa ma haka zai yi. Wata bakwai ne kawai daidaiton, ba a faɗa maka ba.

Yanzu mu bi daren nan a hankali. Ranar 26 ga Oktoba ita ce Lahadin ƙarshe ta watan. Agogon Landan ya buga 1:30, a nan ma 1:30 ne, firogiram ya cire kuɗi, ya tura tes. Wannan daidai ne. Agogo ya ci gaba har 1:59 da sakan 59. Maimakon ya ce ƙarfe 2:00, sai ya koma ƙarfe 1:00. Mu a nan namu ya shiga 2:00 abinsa. Bayan minti talatin agogon Landan ya sake nuna 1:30, alhali a Auyo 2:30 ne. Firogiram ɗinka ya dubi agogo, ya ga Lahadi ce, ya ga 1:30, ya yi abin da ka ce masa. A wajensa bai yi kuskure ba, domin a wannan dare 1:30 biyu ce ta zo. Daga ranar kuma Landan tana bayanmu da awa ɗaya, shi ya sa 1:30 ɗinsu ta zama 2:30 ɗinmu kowane mako.

Akwai ɗaya ɓangaren da bai same ka ba tukuna, kuma ni shi na fi tsoro. Ranar 29 ga Maris 2026, idan ka bar shi haka, agogon zai tashi daga 12:59 da sakan 59 na dare ya dira kan 2:00. Babu 1:30 a wannan dare kwata-kwata. Ba za a cire wa kowa komai ba, ba tes, ba saƙon kuskure. Wanda aka cire wa sau biyu, gari na wayewa zai zo ya same ka a ƙofar gida, ka ji labari da wuri. Wanda ba a cire wa ba, wa zai zo ya faɗa maka? Sai ranar da ma'aji ya zauna lissafin ƙarshen noman rani, ya ga kuɗin mako guda na mutum ɗari da wani abu babu shi, a fara kallon-kallo. Na taɓa ganin irin wannan a wata ƙungiyar adashi da na yi wa aiki, sai da aka yi wata biyu ana zargin bawan Allah da bai ci ko kwabo ba. Har yau abin yana damuna.

Kada ka ɗauki maganata kawai, ka tabbatar da idonka. Na rubuto umarnin a ƙasa:

```
timedatectl
zdump -v -c 2025,2027 Europe/London
```

Na farko zai nuna maka yankin lokacin da sabar take bi, a layin `Time zone`. Idan ka ga `Europe/London`, magana ta ƙare. Na biyu zai jero maka ainihin sakan ɗin da agogon ya sauya da wanda zai sauya nan gaba, za ka ga 26 ga Oktoba da 29 ga Maris a ciki. Sannan ka buɗe rumbun bayananka, ka duba layukan ranar. Za ka ga kowane mamba da layi biyu, dukansu an rubuta 01:30, kamar a lokaci guda aka yi su, alhali tes ɗin da ke wayar mutane awa guda ne a tsakaninsu. Wannan ita ce alamar. Idan kuma sabar ta nuna maka wani abu daban, ka duba PHP, yaren da ka rubuta firogiram ɗin da shi, don yana da nasa saitin mai suna `date.timezone`, kuma ba lallai ya yi daidai da na sabar ba.

Wani a cikin gurup zai ce ai `cron`, wanda ke tada ayyuka a kan lokaci a saba, ya san da wannan matsala. Gaskiya ne, amma da sharaɗi. Irin wanda ke zuwa da Debian da Ubuntu, idan ka ba shi lokaci tsayayye kamar `30 1 * * 0`, in agogo ya koma baya ba ya maimaita aikin, in ya tsallake gaba kuma yana gudanar da aikin da aka tsallake nan take. Amma da zarar ka sa tauraro a gurbin minti ko awa, wannan kariya ta tafi, yana bin duk abin da agogo ya nuna ne. Kuma yawancinmu haka muke yi: mu sa `* * * * *` ya riƙa tada firogiram duk minti, shi kuma firogiram ya tambayi kansa, 1:30 ta yi? Ina kyautata zaton haka naka yake, ƙanina. A nan `cron` bai san kana da wani aikin ƙarfe 1:30 ba, balle ya kare ka.

Gyaran farko mai sauƙi ne. Ka mai da sabar kan agogon da ba ya motsi:

```
sudo timedatectl set-timezone Africa/Lagos
sudo systemctl restart cron
```

Kada ka manta da layi na biyu, don `cron` da ya riga ya tashi yana iya ci gaba da bin tsohon yankin. Ka sa `Africa/Lagos` a PHP ma. Wasu sun fi son barin saba a kan UTC, shi ma daidai ne, ba ya sauyawa, sai dai ka rubuta 00:30 a madadin 1:30. Ni dai tunda duk mutanenka suna Jigawa, agogon gida ya fi, ba ka da lissafin ragewa da ƙarawa a kai.

Sai dai in faɗa maka gaskiya, ko ka gyara agogo ban gamsu ba, saboda kuɗin mutane ne. Asalin raunin yana cikin tambayar da firogiram ɗinka yake yi. Yana tambaya ne, yanzu 1:30 ce? Tambayar da ta dace ita ce, kuɗin wannan mako na wannan mamba, lokacinsa ya yi, kuma an cire ko ba a cire ba? Ka tuna yadda ma'ajinku yake yi da littafi. Kowane mutum da layinsa, kowane mako da gurbinsa. Idan ya buɗe ya ga ya riga ya sa alama a gurbin, ko sau goma aka tuna masa ba zai sake karɓa ba. Idan kuma ya makara bai zo da safe ba, ya zo da la'asar, gurbin yana nan fili, zai karɓa. Haka za ka sa rumbun bayanai ya yi. Ka ƙara gurbi mai suna `mako` da zai ɗauki kwanan watan Lahadin da ake biyan kuɗinta, sannan:

```
ALTER TABLE biya ADD CONSTRAINT sau_daya UNIQUE (mamba, mako);
```

Daga nan duk lokacin da aka yi ƙoƙarin shigar da mamba ɗaya a mako ɗaya karo na biyu, rumbun da kansa zai ƙi. Amma ka kula da jerin aikin: a fara shigar da layin, in ya shiga sannan a rage kuɗi a tura tes. In ka fara tura tes kafin shigarwa, mutane za su ci gaba da ganin saƙo biyu ko da kuɗin sau ɗaya aka cire, kuma manomi tes ɗin ya sani, bai san rumbunka ba. Da wannan tsari kana iya barin firogiram ya riƙa dubawa duk awa. Ko saba ta mutu ƙarfe ɗaya ta tashi ƙarfe huɗu, zai ga gurbin makon fili ya cike shi.

Wannan umarni ba zai shiga ba muddin layukan 26 ga Oktoba masu maimaici suna nan da mako iri ɗaya, zai ba ka kuskure. Kuma don Allah kada ka goge su a ɓoye. Ka fara kwafe su ka ajiye, ka buga a takarda, ka kai wa shugaba da ma'aji. A zaman ƙungiya ku yanke ɗaya cikin biyu: ko a mayar wa kowa naira 2,000 ɗinsa, ko a lissafa na biyun a matsayin biyan wata Lahadi mai zuwa. In na biyun aka zaɓa, sai ka sa wa layin kwanan watan wannan Lahadin, idan ta zo firogiram zai tarar da gurbin a cike ya wuce. Wanda cirewar ta biyu ta jefa asusunsa cikin bashi ko ta jawo masa tara, a fara da shi.

Abu na ƙarshe, duk abin da aka rubuta da agogon saba daga 26 ga Oktoba zuwa ranar da ka gyara, yana baya da awa ɗaya. Wanda aka shigar da biyansa ƙarfe 12:20 na dare a wajenmu, rumbun ya rubuta 11:20 na daren jiya, wato ya faɗa wata rana daban, wani lokacin ma wani wata daban. Ka duba layukan da ke tsakanin 23:00 da 23:59 kafin ka fitar da rahoton wata. Ka turo mini hoton abin da `timedatectl` ya nuna maka, ina nan bayan sallar isha.