Alhaji na son a riƙa yin oda ta shafinsa: yaya zan rubuta masa takardar aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wani Alhaji mai shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari yana da shafi a kan WordPress, hotuna da lambar waya kawai. Yana son mutane su riƙa yin oda su biya ta shafin, ya ce in rubuto masa abin da zan yi, da lokaci, da kuɗi. Ta ina zan fara? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka ambaci ko sisi sai ka je shagon ka zauna, ka ƙirga kayan da za a ɗora. A harkar yadi nan ake faɗawa rami. Alhaji zai ce maka kala sittin ne, amma shadda ɗaya na iya zuwa da launi takwas, kowane launi da hotonsa da adadin da ya rage, ga atamfa ana sayar da ita turmi-turmi, shadda kuwa yadi-yadi. A WooCommerce, manhajar da ke mayar da shafin WordPress shagon sayar da kaya, irin wannan kaya sai an saita shi a matsayin "Variable product", kuma ya fi kaya mai farashi ɗaya cin lokaci nesa ba kusa ba. Saboda haka ka rubuta adadin ƙarara, kamar haka:

"Ranka ya daɗe, zan ɗora WooCommerce a shafin da ake da shi, in shigar da kaya 60, kowanne launinsa bai wuce biyar ba. Zan haɗa biyan kuɗi ta Paystack, in saita kuɗin kai kaya iri biyu, na cikin Kano da na wajenta, sannan in koya wa yaron shago ɗaya yadda ake duba oda da rage kaya. Ɗaukar hoto, talla, da manhajar waya ba sa cikin wannan aiki."

Jimlar ƙarshen nan ita ce garkuwarka. Na taɓa barin ta a wani aiki, na wayi gari ina ɗaukar hoton leshi har kwana uku ba ko kwabo, don mai shagon ya ɗauka da gaske yana cikin ciniki. Laifina ne, ni ban rubuta ba.

Wajen lokaci, mako huɗu ya isa wannan aikin: biyu na gini da shigar da kaya, ɗaya na gwaji, ɗaya na koyarwa da gyare-gyare. Amma ka rubuta cewa lissafin zai fara ne daga ranar da hotuna da farashi suka iso hannunka, aka kuma buɗe asusun Paystack. Asusun nan da sunan shagon za a buɗe, da takardun Alhaji da asusun bankinsa, ba naka ba. Kuɗin cinikinsa kada su bi ta aljihunka ko sau ɗaya. A makon gwaji ka fara da "Test Mode", daga baya ka sayi wani abu mai araha da katinka na gaske, ka ga saƙon oda ya shigo, adadin kayan ya ragu, kuɗin kuma sun sauka banki. In aka biya amma odar ta tsaya a "Pending payment", fara duba adireshin "Webhook URL" a asusun Paystack, wanda ta nan Paystack ke sanar da shafin cewa an biya.

Kuɗi kuwa daga kwanakin aikinka za ka fitar da su. Misali ne zan ba ka, ka sa naka farashin: in aikin zai ci maka cikakkun kwanaki 14 cikin makonnin nan, kana kimanta yininka a naira 25,000, ka samu 350,000. Ka raba uku: 175,000 kafin a fara, 105,000 ranar da ka nuna masa oda tana tafiya a gwaji, 70,000 ranar miƙawa. Ka sa farashin duk kayan da ya haura sittin, ka ce gyara zagaye biyu ne, kulawa kyauta kwana 30, bayan nan sai yarjejeniyar wata-wata.

Sai layi na daban na kuɗin da ba kai za ka karɓa ba: sabunta sunan shafi da ma'ajiyarsa duk shekara, da kason Paystack. A katin cikin gida suna cire kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100, ba ya wuce 2,000. Turmin naira 40,000 ke nan za a cire 700, Alhaji ya karɓi 39,300. Ɗan kasuwa ne, da wannan lissafin zai fi gane maganar, kuma gara ya ji daga bakinka kafin ya gani a alat.

A ƙasan takardar ka rubuta cewa farashin zai iya canzawa in aka wuce kwana 14 ba a amince da shi ba, tunda wasu kayan aikin da dala ake biya. Ku sa hannu ku biyu a kwafi biyu, ka ɗauki hoton wanda aka sa wa hannu ka tura masa ta WhatsApp kafin ka bar shagon.