Bashin makon jinya

"Kawu, zazzaɓi ya kwantar da ni kwana 6, ayyuka sun taru har ina jin nauyin buɗe takardar tsarina. A yadda kuka saba, ana rama komai ne, ko watsarwa ake yi a sake sabon lale?"

Ɗana, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da na taras manya suna yi shi ne tantancewa, domin ba duk aikin da ya wuce ka ne ya zama bashi a kanka ba. Idan aikinka na mako awa 40 ne, ka ɗora na makon jinya a kan na sabon mako, ka nemi awa 80 ke nan daga jikin da bai gama warwarewa ba, kuma wannan lissafin ne yake sake kwantar da mutum.

Bara na yi irin wannan kwanciyar, da na tashi sai na rubuta duk abin da ya kuɓuce mini a takarda guda, suka kama 14. Biyar daga ciki sun mutu tare da makon, kamar taron da aka riga aka yi ba ni da tattakin da nake yi kullum da safe, na soke su nan take, tunda ba a rama tattakin kwana 6 a rana ɗaya. Shida ba wanda yake jiran su sai ni, na raba su cikin mako biyu masu zuwa. Uku ne kaɗai suke da haƙƙin wani a ciki, kuma su na sa a gaba.

A kan waɗannan ukun ladabi yake, don haka ka kula. Ka sanar da mai jira tun kafin ya tambaye ka, a gajarce: ka yi rashin lafiya, aikinsa bai kammala ba, za ka kawo ranar kaza. Doguwar ban haƙuri ba ta amfane shi da komai, ranar yake buƙata domin ya gyara nasa tsarin. Idan kana ganin za ka gama Talata, ka ce Alhamis. Ni a nan na yi kuskure, kunya ta sa na yi wa ɗayansu alkawarin washegari, na kasa, kuma saɓawar ta biyu ta fi ɓata masa rai, tunda ta farko ciwo ya jawo, ta biyu kuwa bakina ne.

Kwana biyun farko ka tsara rabin abin da ka saba, ka sa mai nauyin da safe, lokacin da ƙarfi yake nan. Idan ka ga tun kafin la'asar jiki ya mutu, ko ka ɗage aiki ɗaya har sau biyu, to takardar ta yi maka yawa, sai ka cire abu guda daga cikin waɗanda ba mai jiran su sai kai ka tura shi mako na gaba.