Yadda ake gano kuɗin canji a cirar kati

Tambaya: Na sayi kaya na yuro 100 da katina na dala, an cire mini dala 112.27. Yaya zan san nawa ne kuɗin canji?

Amsa: Raba 112.27 da 100, ka samu 1.1227, farashin da aka sayar maka kowane yuro ke nan. Sai ka duba farashin canji na Visa ko Mastercard a shafinsu, na ranar da bankinka ya amince da cirar, wadda galibi ita ce ranar sayayya. A ce 1.09 ne, kayan sun kama dala 109. Ragowar 3.27 ladan bankinka ne, kashi 3 cikin ɗari.

Duba rasit ma. In da dala aka rubuta, mai kayan ne ya yi canjin da farashinsa, wanda galibi ya fi tsada.