Hazon hunturu ba raɓa ba ne, kuma rana ba ta korar sa

Tambaya: Malam, ni direban haya ne tsakanin Daura da Katsina. Tun shigowar hunturu ba na hango gabana sosai, ga tafin hannuna da dugadugaina duk sun tsage har da jini. Manyanmu a tasha sun ce raɓa ce, in kunna ful layit in taka mota, da rana ta ɗaga za ta watse. Ina tsoron in halaka bayin Allah. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya tsare hanya. Abin da ya rufe maka hanya da abin da ya tsaga maka fata tushensu guda ne, wato iska ce da ta ratso hamada ɗauke da ƙura, ba tare da danshin kirki a cikinta ba.

Daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar damina mai tasowa daga teku tana ja da baya zuwa kudu, sai ta arewa maso gabas ta maye gurbinta. Babban wurin da take kwaso ƙura shi ne kwarin Bodele a arewacin Chadi, kusa da garin Faya, kimanin kilomita 1,200 daga Katsina. Dubban shekaru da suka wuce wurin gindin wani ƙaton tafki ne, wanda Tafkin Chadi na yau guntunsa ne kawai. Da ya ƙafe sai ya bar farar ƙasa mai laushi, akasarinta ragowar ɓawon ƙananan halittun ruwa. Iskar tana kutsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi, matsin ya ƙara mata gudu, ta sauko kan kwarin ta ɗebe wannan garin ƙasa. Yashi mai nauyi yana zubewa tun a can. Abin da yake iso mu bayan kwana ɗaya ko biyu shi ne mafi laushi, wanda sai an jera ƙwayoyinsa bakwai ko fiye kafin su kai kaurin silin gashi, shi ya sa yake iya kwanaki yana shawagi bai sauka ba.

Batun fata ba shi da wuyar fahimta. A watan Agusta danshin iska a nan yakan haura kashi 70 cikin 100, amma da azahar a watan Janairu yakan faɗi ƙasa da kashi 15. Iska mai irin wannan ƙishi tana zuƙe ruwa daga duk abin da ta taɓa, kuma saman fatar mutum sai da ɗan ruwa a cikinsa yake iya miƙewa ya dawo. Idan ya bushe sai ya sandare, ya tsage a wuraren da ake yawan lanƙwasawa ko takawa, shi ne faso a dugadugi, da tsagewar leɓe, da haɓo idan cikin hanci ya bushe. Ruwan wanka mai tsananin zafi da sabulun wanki suna ƙara dagula lamarin, domin suna wanke ɗan maiƙon da yake tare ruwan fata. Ka yi wanka da ruwa mai ɗumi, ka shafa basilin ko man kaɗanya tun jikinka da sauran laima, saboda aikin man shi ne ya rufe ruwan da ya tarar, ba ya kawo nasa. Da dare ka cika fason da mai ka sa safa. Idan ya kumbura ko ya fara ruwa, ko kuma kana da ciwon suga, asibiti za ka nufa, ba wurin mai tallar magani a bakin tasha ba.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, wadda nake jin ta kowace shekara daga bakin mutanen da suka yi shekara da shekaru a kan sitiyari. Hazon nan ba raɓa ba ne, ba kuma tururi ba ne. Wanda ruwa yake haifarwa yana buƙatar iska mai cike da danshi, kuma gaskiya ne zafin hantsi yana watsa shi. Namu na hunturu ƙasa ce, rana kuwa ba ta narkar da ƙasa. Kana iya gwadawa da kanka kafin ka yi lodi: ka shafa yatsa a gilashin gaba, za ka ga farin gari ya biyo yatsan a bushe, kuma idan ka kunna waifa ba tare da ruwa ba sai dai ka ji tana kankarar gilashin. Ka dubi ranar ma da ƙarfe goma sha biyu, za ka gan ta fara fat, ba kaifi, alhali hazon yana nan daram. Yakan yi kwana uku ko huɗu a haka, kuma ba ya yayewa sai ƙurar ta daina zuwa daga tushenta, wadda take sama ta wuce kudu ko ta kwanta.

Yadda yake hana gani shi ne yake ƙaryata shawarar ful layit. Kowace ƙwayar ƙura tana tarwatsa hasken da ya same ta. Hasken da ya taso daga motar da take gabanka yana raguwa kafin ya iso idonka, sannan hasken rana da ƙurar ta tarwatsa yana cike tsakaninku da fari, har launin motar da na sararin bayanta su zama ɗaya. Idan ka kunna ful layit ka ƙara wa ƙurar da take daidai tsayin idonka abin da za ta mayar maka, ga kuma kashe idon mai tahowa. Dim ita ce daidai, dare da rana, kuma babban amfaninta da rana shi ne a gan ka.

Mu yi lissafi da hanyarka. A ce ka baro Mashi kana gudun kilomita 100 a awa, wato wajen mita 28 a kowace daƙiƙa, kuma hazon ya bar maka mita 400 kacal. Idan abu a tsaye yake a kan titi, kana buƙatar kusan mita 100 tsakanin ganinsa da tsayawarka, in birki da tayoyi suna da kyau, don haka wannan da sauƙi. Hatsarin yana wajen wuce tirela. Ka shiga hannun da ba naka ba, mai tahowa shi ma yana gudun 100, ke nan tazarar da take tsakaninku tana raguwa da mita 56 a daƙiƙa, mita 400 ɗin nan za su ƙare cikin daƙiƙa bakwai. Wuce doguwar tirela mai tafiya kuwa yakan ci daƙiƙa goma ko fiye. Lokacin da za ka hango shi kana tsakiyar tirelar, ba gaba ba baya.

Abin takaici, mutumin da zai ce maka ka taka mota yana zaune ne a kan benci a tasha yana shan shayi, ba ya cikin motar. Matuƙin jirgin sama da yake da na'urori iri iri yakan haƙura da sauka a filin jirgin Katsina idan hazo ya yi kauri, amma direba mai fasinja cike da mota yana ganin jira gazawa ce. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa tana fitar da gargaɗi idan ƙura ta taso daga Chadi ko Nijar, sai dai sau da yawa gargaɗin yakan tsaya a takardar Turanci, bai kai ga shugabannin tasha ba, balle a faɗe shi da Hausa kafin lodin asuba. Kafin a gyara wannan, kai ka auna da idonka: ka zaɓi wata alama a bakin hanya a daidai inda ganinka ya ƙare, ka ƙirga daƙiƙoƙin da za ka ɗauka kafin ka kai ta. Idan ba su kai ashirin ba, ka zauna a bayan tirelar da tazara mai kyau, ko da fasinja za su yi ta gunaguni har ƙofar Katsina.