Bugun zuciya da hujja a hukuncin ɗabi'a

Tambaya: Idan zuciya ce ke yanke hukunci kafin hankali ya kawo hujja, me ya rage wa ka'idojin ɗabi'a?

Abin da ya rage yana da yawa, domin sanin inda hukunci ya fito bai isa ya nuna cewa kuskure ne ba. A misalin jirgin ƙasa da ya ƙwace ya nufi mutum biyar, wanda masaniyar falsafa Philippa Foot ta gabatar a 1967, yawancin mutane sun yarda a karkatar da jirgin ya kashe mutum ɗaya domin biyar su tsira, amma da masaniyar falsafa Judith Thomson ta sauya shi zuwa tunkuɗo mutum daga gada domin jikinsa ya tare jirgin, sai suka ƙi, alhali lissafin rayuka bai canza ba. Masanin halayyar ɗan Adam Joshua Greene ya ce wannan ƙin motsin rai ne da kusancin jiki ke tayarwa, saboda haka bai kamata ka'idar haƙƙi, wadda ke hana take haƙƙin mutum ko da don amfanin wasu, ta jingina da shi ba.

A ganina ya yi gaggawa. Gwajin da ya dace shi ne a cire tunkuɗawar, a sa maɓallin da zai jefo mutumin daga nesa. Ƙin yakan ragu, kuma ɓangaren ƙin da ya ragu abin zargi ne. Ƙin da ya saura kuwa yana iya zama fahimtar cewa an mai da mutum kayan aiki. Ka'idar kirga amfani, wadda ke auna aiki da sakamakonsa, ita ma a kan bugun zuciya ta tsaya, wato jin cewa biyar sun fi ɗaya nauyi, don haka ita ma gwajin ya hau kanta.